Gemun Malam Iro

Duk mai noman rani a bakin dam ɗin Challawa ya san Malam Iro mai gyaran injin ban ruwa. Rumfarsa tana nan cikin Karaye, kullum cike da injuna a kwance da warin baƙin mai. An san shi da iya aiki, an kuma san shi da gemunsa, fari fat kamar auduga, alhali bai kai sittin ba.

Dalilin da ya sa bai rina shi ba ma sananne ne. Shekarun baya, lokacin da furfura ta fara yi masa yawa, wani mai aski a kasuwa ya shafa masa dayis, baƙin rinin gashi na kanti. Bayan kwana biyu fuskarsa ta kumbura har idanunsa suka rufe. Ma'aikacin asibitin da ya duba shi ya ce jikinsa ba ya shiri da dayis, kuma ba zai taɓa shiri da shi ba har ƙarshen ransa. Tun daga nan in ya so ado sai ya aika Gwangwan wurin yayarsa Ummu Hani, wadda ke da bishiyoyin lalle a bayan gida, ta daka masa, ya mayar da gemun ja. Daga baya hakan ma ya ishe shi, ya bar shi fari.

Wanda ya riƙa jan hannunsa zuwa masallaci a wancan ciwon shi ne Kamilu, ɗan ƙanensa marigayi. Malam Iro ne ya riƙe shi tun yana ƙarami, shi ya sa shi makaranta, shi ya yi masa aure, shi ya saya masa injinan aski da janareta lokacin da ya buɗe shago a Rogo Sabon Gari. Ko da yake Karaye cike take da masu aski, Malam Iro babur yake hawa ya je Rogo, don ya ce ba ya miƙa wuyansa ga wanda ba nasa ba.

Wata Talata ya je aski, Kamilu ya gama gyara masa kai, sai ya tsaya yana kallon gemun ta madubi.

“Baffa, akwai wani haɗi da na fara yi. Lallen Goggo ne da garin ganyen baba, irin wanda marina ke shuni da shi. Ganye ne zalla. Yana mayar da furfura baƙa wuluk.”

“Ka san ni da baƙin rini.”

“Ai shi ya sa nake gaya maka. Wannan babu dayis a ciki. Daga hannun Goggo nake karɓo komai.”

Malam Iro ya yi dariya ya ce shi kam ya tsufa da kwalliya. Kamilu bai matsa ba a ranar. Amma da aka sake haɗuwa ya sake tayar da maganar, ya ce kasuwa ta yi wuya, shaguna sun yi yawa, samari duk sun koma inda ake kallon ƙwallo. In mutane suka ga Malam Iro da kansa ya shafa, za su yarda. Wannan ne ya taɓa zuciyar Malam Iro, ba baƙin gemun ba.

“To, amma sai an gwada,” in ji shi. “A asibiti sun ce kome zan shafa, in fara ɗiga kaɗan a bayan kunne, in bar shi kwana biyu cur. In ya yi ƙaiƙayi ko ja ko ƙuraje, kada in kusance shi.”

“Wannan ai dole ne, Baffa.”

Kamilu ya shiga ƙuryar shagon ya fito da ɗan kwaɓi a murfin kwalba, ya ɗiga masa a bayan kunnen dama. Malam Iro ya koma gida, yana alwala yana kaffa-kaffa da wurin. Kwana biyu suka wuce. Matarsa Mairama ta ja shi bakin ƙofa inda haske yake, ta lanƙwasa kunnen ta duba.

“Babu komai, Malam. Ɗan jan lalle ne kawai ya kama.”

Ranar Asabar ya koma Rogo. Kamilu ya kwantar masa da kujera, ya rufe masa ido da tawul don kada garin ya shiga, ya shafe gemu da saje da gashin baki. Ƙamshin kanumfari ya cika hancinsa. Ko labarin da suke yi bai ƙare ba Kamilu ya ce a wanke. Da Malam Iro ya ɗago ya ga kansa a madubi, sai da ya ɗan tsorata. Fuskar ƙanensa marigayi ya gani.

Kamilu ya ɗaga waya ya fara ɗaukar bidiyo. “Baffa, ka ɗan yi wa mutane bayani.”

Malam Iro ya gyara hula ya kalli wayar. Ya faɗi sunansa da sana'arsa. Ya ce kowa ya san dayis ya taɓa kusan makantar da shi, amma ga shi ya gwada haɗin ɗansa Kamilu, lafiya lau, ganye ne zalla, duk mai tsoro ya daina tsoro. Kafin ya iso Karaye bidiyon ya riga shi. A rumfa aka yi ta tsokanarsa, wai a nemo wa saurayi mata.

Washegari da hantsi haɓarsa ta fara ƙaiƙayi. Ya ɗauka zufa ce. Zuwa la'asar ƙaiƙayin ya koma raɗaɗi, kamar an goga masa barkono a ƙarƙashin gashin. Ya wanke da sabulu ya sake wankewa. Da gari ya waye ranar Litinin, leɓunansa sun yi suntum, kumatunsa sun haɗe da wuya, idanunsa sun zama 'yan tsaga. Fatar da ke ƙarƙashin gemun ta ɗuri ruwa, tana tsattsafo da wani ruwa rawaya da ke manne gashin.

Mairama ta kira Kamilu a waya. Ya zo kafin azahar, ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki bai ƙaraso ba.

“Kada a fita da shi haka mutane su gani,” in ji shi. “Bari in kira mai kemis ya zo gida ya yi masa allura.”

“Asibiti za mu,” in ji Mairama. Ta riga ta yafa mayafi.

A asibiti abu na farko da aka tambaye shi shi ne ko numfashi yana yi masa wuya, ko harshensa ya kumbura. Ya ce a'a. Suka ce ya gode Allah. Aka yi masa allura, aka ba shi ƙwayoyin saukar da kumburi da na ƙaiƙayi, aka kwantar da shi don a sa masa ido. Sai jami'ar da ke kula da shi ta ce maganin shafawa ba zai kai ga fata ba sai an rage gashin. Malam Iro bai taɓa sauke gemunsa ba tun da ya tsiro. Yana kwance yana jin ƙarar almakashi.

Da yamma Kamilu ya zauna a bakin gadon.

“Baffa, na yi ta tunani. Ni dai abin da Goggo ta ba ni shi na kwaɓa. Ka san ƙarfinta ya ragu, daka yana yi mata wuya. Ina jin na kasuwa ta sayo ta haɗa da nata, ba ta faɗa ba. Na kasuwan nan kuwa duk da dayis a ciki.”

“Amma ai mun gwada.”

“Ƙulli biyu ta aiko. Na gwajin daga na farko ne.”

Maganar ta zauna. Da Ummu Hani ta zo dubiya washegari, tsohuwa da ita, ta sha jijjigar babur tun daga Gwangwan, ta ajiye kwanon fura, sai Malam Iro ya juya mata fuskarsa da ta lalace.

“Yaya, dubi aikinki. In kin gaji da daka, ai sai ki ce kin gaji.”

“Wane aiki, Iro?”

“Lallen kasuwa da kika haɗa wa yaron nan. Kin fi kowa sanin abin da ya taɓa samuna.”

A gaban mutane ya faɗa, da 'yan dubiyar gadon kusa da surukansa biyu. Ummu Hani ta dube shi, ta dubi Kamilu da ke tsaye kansa a ƙasa. Ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta fita. Bayan kwana kaɗan wani mai kayan miya ya kawo saƙo daga gare ta: ƙulli biyu a leda, ɗaya lalle, ɗaya garin baba. Babu gaisuwa, babu bayani.

Ciwon ya ɗauki lokaci. Kumburin ya sauka cikin mako guda, amma fatar ta yi ta saɓa, ta bar baƙin tabo daga kunne zuwa kunne. Ya koma rumfa da rawani naɗe a haɓa. A nan ya ji cewa Lado mai rake na Tudun Kaya, abokinsa tun na ƙuruciya, shi ma ya sayi haɗin bayan ya ga bidiyon, kansa ya yi ƙuraje har bayan wuya. Kamilu ya ce ai duk daga ƙullin Goggo na biyun nan ne, ya riga ya zubar, yanzu wani wuri yake sayowa. Bidiyon kuma yana nan yana yawo.

Jami'ar asibitin ta ba shi shawara ya ga likitan fata a Kano, domin a tantance ainihin abin da jikinsa ke ƙi. Ta ce sai fatar ta warke sarai kuma ya yi makonni da daina shan maganin kumburi, in ba haka ba gwajin ba zai nuna gaskiya ba. Da lokacin ya yi, Mairama ta tura ƙullin Ummu Hani cikin aljihunsa.

“Me zan yi da shi?”

“Ka tafi da shi dai.”

Likitar mace ce mai yawan tambaya. Ta manna masa wasu filastoci a gadon baya, kowanne da 'yan ƙananan gurabe, kowane gurbi da ɗigon wani abu daban, ta zana lamba a gefensu. Da ya nuna mata ƙullin, ta buɗe ta shinshina, ta murza a yatsa, ta kwaɓa kaɗan daga kowanne ta ƙara a gefe. Ta ce kada ruwa ya taɓa bayan, kada ya yi aikin da zai sa shi zufa, kada ya sosa. Ya sauka gidan wani tsohon abokin cinikinsa. Bayan kwana biyu aka cire filastocin aka duba, aka ce ya sake dawowa bayan wasu biyun, domin wani abin sai daga baya yake nunawa.

A zuwa na ƙarshe ta ɗauki hoton bayansa ta nuna masa. Wuri ɗaya ya tashi, ja, da ƙananan ƙuraje masu ruwa.

“Wannan shi ne sinadarin da ke sa dayis baƙi, ana ce masa PPD. Shi jikinka ke faɗa da shi, kuma duk lokacin da suka sake haɗuwa abin ƙaruwa yake yi. Ko kaɗan ne, ko shekara nawa aka yi.” Ta matsar da yatsa. “Nan lallen da ka kawo ne, nan kuma baban. Babu komai.”

“An ce wani ƙullin ne daban aka shafa mini.”

“Zai yiwu. Da aka shafa maka, tsawon wane lokaci ya ɗauka kafin ya yi baƙi?”

“Bai kai minti talatin ba.”

“Sau ɗaya aka shafa?”

“Sau ɗaya.”

“Malam, babu ganyen da ke yin haka. Lalle awanni yake so, kuma ja yake bayarwa. In ana son duhu, sai a wanke lallen a bi shi da baba, shi ma a jira. Ko wanda bai taɓa yi wa wani aski ba, in ya ga furfura ta koma baƙi wuluk nan take, ya san akwai dayis. Wanda ya shafa maka sana'arsa ce?”

“Sana'arsa ce.”

“Da aka gwada a bayan kunnenka, wane launi ya bari?”

Ya tuna muryar Mairama a bakin ƙofa. “Ja.”

“A gemun fa, fatar da ya taɓa?”

“Baƙi.”

Likitar ta ajiye hoton. Ta ce masa daga yau kada ya sake gwada wani baƙin rini a gida, ko a bayan kunne, domin ga mai irin jikinsa gwajin kansa ciwo ne. Kada ya yarda da rubutun kwali, ko an ce na ganye ne. Har dayis ɗin da ake cewa babu PPD a ciki, da yawansu ɗan'uwansa ake sawa, kuma yakan tayar wa masu irin matsalarsa. In yana son launi, ga lalle tsantsa da baba daga hannun da ya sani. In ba ya so, farin ma ba ciwo ba ne.

A mota, tun daga Kano har Gwarzo, abin da ya riƙa dawo masa shi ne Kamilu yana fitowa daga ƙuryar shago da murfin kwalba. Ashe tun a lokacin ya san kwaɓi biyu ne. Ya ware mai kyau don gwaji, ya ajiye ɗayan don fuskarsa. Da kuskure ne da ya fi sauƙin haɗiya.

Bai je Rogo a ranar ba. Ya sa Mairama ta aiki maƙwabciya ta sayo sabon haɗin daga shagon Kamilu, wanda aka ce an canza. Ranar Alhamis ya hau babur, da ƙulli uku a aljihu da ɗan gashin farin rago da ya karɓa a mahauta.

Shagon da mutane, uku suna jiran aski. A kan kanta an jera ƙananan robobi, kowace da hoton Malam Iro manne, baƙin gemu, yana murmushi. Kamilu ya taso da sauri.

“Baffa, sannu da zuwa. Ya hanya? Ya ƙarfin jiki?”

“Da sauƙi. Sallami mutanenka, ina da magana.”

Da suka rage su biyu, Malam Iro ya nemi ruwa da murafe biyu. Ya kwaɓa na Ummu Hani a ɗaya, na shagon a ɗaya, da tsinke, yana kula kada ya taɓa hannunsa. Ya raba gashin ragon biyu ya tura kowanne cikin nasa. Ya zauna a benci.

“Mene ne wannan, Baffa?”

“Zauna mu jira.”

Suka zauna. Janareta na ta ƙara a waje. Kamilu ya fara wata magana a kan tsadar fetur, ya bari. Can Malam Iro ya ɗauraye gashin biyu ya shimfiɗa a kan kanta. Ɗaya ya ɗan yi ruwan goro. Ɗayan baƙi ƙirin.

“Wannan sabon ne, wanda ka ce ba na Goggonka ba.”

Kamilu ya kalli kantar. “Kaɗan nake sawa,” ya ce a hankali. “Ƙullin dayis ɗaya a mudu guda. Mutane ba sa iya zaman awa huɗu, Baffa, baƙi suke so yanzu-yanzu. Na ɗauka shekarun da aka yi abin ya bar jikinka.”

“In ka ɗauka ya bar jikina, me ya hana ka gwada shi a kunnena?”

Kamilu ya kau da kai.

“Tambayarka nake.”

“Na ji tsoron kada ya ɗan yi ja ka fasa.”

“Wato ka sani.”

“Ban zaci zai kai haka ba, wallahi.”

“Kai ka riƙe hannuna wancan karon. Kai kake ce mini ga rami, ga dakali.” Muryarsa ba ta tashi ba. “Ka bar wannan ma. Ka sa na kalli waya na yi wa mutane ƙarya da bakina, Lado ya ji ya yarda. Ka tsaya kana ji na ci mutuncin yayata a gaban surukai. Kana tsaye a wurin.”

Kamilu ya durƙusa. “Ka yafe mini, Baffa.”

“Ɗauko wayarka.”

Ya kwance rawanin. Gemun ya fara tsirowa, gajere, fari, tabon yana leƙowa ta ƙarƙashinsa. Ya sa Kamilu ya riƙe wayar da hannunsa. Ya sake faɗin sunansa da sana'arsa. Ya ce abin da ya faɗa a baya ba gaskiya ba ne, akwai dayis a haɗin, ga abin da ya yi masa. Ya ce lallen yayarsa Ummu Hani ta Gwangwan tsantsa ne, likita ta gwada, shi ne ya zalunce ta. Ya ce duk mai son rini ya gwada ainihin abin da za a shafa masa, a kwaɓa a gabansa, ya jira kwana biyu, wanda kuma ya taɓa kumbura kada ma ya gwada. Bai ambaci sunan Kamilu ba.

Ya tsaya har aka tura shi duk inda aka tura na farko. Sannan ya sa aka ɓamɓare hotonsa daga robobin ɗaya bayan ɗaya, aka juye garin a bokiti.

Daga nan Gwangwan ya wuce. Ya tarar da Ummu Hani a tsakar gida tana tsince wake. Ta amsa sallamarsa, ta shimfiɗa masa tabarma, suka gaisa kamar baƙi. Ya faɗa mata komai, ya nemi gafara.

“Na san shi ne tun a asibiti,” in ji ta. “Sau ɗaya ya karɓi baba a wurina, bai sake ba, lalle kawai yake aikowa a ba shi.”

“Me ya sa ba ki faɗa ba?”

“Da wa za ka yarda a ranar? Shi kai ka yi renonsa, ni kuwa tashi kawai muka yi tare.”

Wannan ta fi almakashin asibiti yi masa zafi. Ta ce ta yafe, ta kawo masa ruwa, amma ba ta tsokane shi da sunan ƙuruciya kamar yadda ta saba ba.

Bayan wata biyu ita ce ta zo Karaye da kanta, ta kwaɓa masa lalle ta sa ya zauna tun hantsi har azahar, ta wanke, ta bi da baba. Gemun ya fito da duhu mai ɗan ja-ja in rana ta haske shi. Bai yi ƙaiƙayi ba. Lado ya zo ya gani, ya ce shi kam ya haƙura da rini gaba ɗaya, suka yi dariya kaɗan.

Shagon Kamilu bai rufe ba, amma dattawa sun daina zuwa. Yana zuwa Karaye duk Juma'a bayan masallaci, ya durƙusa a zaure ya gaishe da Baffansa. Malam Iro yana amsawa, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, ya sa a kai masa abinci. Wata Juma'ar Kamilu ya zo da jakar kayan aski, ya ce ya ga sumar Baffa ta taru.

“Bar shi,” in ji Malam Iro. “Akwai wani Zubair nan bayan tasha, shi yake yi mini yanzu.”

Kamilu ya zauna da jakar a kan cinya. Mairama ta leƙo ta ce abinci yana hucewa.